KYANWA BA ƘARAMAR AKUYA BA CE: Zaɓen Likita Da Shirya Tambayoyin Ranar Farko

A birnin Sakkwato kyanwa, ko mussa kamar yadda Sakkwatawa suke kiranta, ba baƙuwa ba ce a gida. Tana tsare buhun gero daga ɓera, yara suna wasa da ita, kuma kowane ɗalibi ya san dalilin da ya sa aka yi wa Sahabi Abu Huraira wannan laƙabi. Amma duk da wannan kusanci, ba a saba kai ta asibiti ba sai ciwo ya kayar da ita. A lokacin kuwa sau da yawa an riga an gwada mata maganin mutum ko na akuya, har maganin ya fi cutar ɓarna. Wanda ya sami sabuwar kyanwa, abin da ya fi masa shi ne ya kai ta a duba ta cikin makon farko, tun tana da lafiyarta, kuma ya san wurin wanda zai kai ta da abin da zai tambaya.

WA ZA A KAI WA?

Sakkwato ba ta rasa masana ba. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da kuma asibitin koyarwa na dabbobi. Gwamnatin jiha tana da nata asibitin dabbobi a kan titin Aliyu Jodi, ban da likitocin da suke zaman kansu. Sai dai ƙasar Sakkwato ƙasar kiwo ce, saboda haka yawancin aikin da yake zuwa hannun ma'aikatan nan na shanu ne da tumaki da awaki da kaji. Tambayar farko ke nan, tun kafin a ɗauko kyanwar daga gida: shin a wurin akwai wanda ya saba duba kyanwoyi da karnuka?

Sa'an nan ya kamata a bambance likita da mai sayar da magani. Bisa dokar likitocin dabbobi ta 1969, ba wanda yake da ikon kiran kansa likitan dabbobi sai wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi wa rajista. Ba rashin ladabi ba ne mutum ya nemi sanin ko wanda zai duba dabbarsa yana da wannan rajista. Mai shagon magani a kasuwar kara yana iya zama gwani wajen ragon layya, amma wannan gwaninta ba ta isa kyanwa ba.

Akwai kuma abu biyu da ido zai iya gani da kansa, watau sikeli da firiji. Ana auna wa dabba magani ne bisa nauyinta. Alal misali, allurar ibamektin da ake yi wa shanu, mil ɗaya ake ba kowane kilo 50. In an bi wannan lissafi, 'yar kyanwa mai kilo ɗaya kashi ɗaya cikin hamsin na mil ne rabonta, abin da bai kai ɗigo guda ba. Wanda ya zuƙo "ɗan kaɗan" da ido ba tare da awo ba yana iya ba ta ninki goma, sai a ga tana tangaɗi, tana dalalar da miyau, ba ta gani sosai. Asibitin da ba shi da ƙaramin sikeli bai shirya wa kyanwa ba.

Firiji kuwa saboda allurar riga-kafi ne. Ana son a adana ta cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, a garin da zafinsa yake wuce digiri 40 a watan Afrilu. Maganin da ya yini cikin zafi kamanninsa ba sa sakewa, amma ƙarfinsa ya ragu ko ya tafi. Don haka sai a tambaya yadda ake riƙe sanyin in an ɗauke wuta, a kuma lura ko daga firiji ko akwatin ƙanƙara aka ciro kwalbar.

SHIRI DAGA GIDA

Kada a rungumo kyanwa a hannu, musamman a kan babur, domin ƙarar mota ɗaya ta isa ta sa ta yakushi mai ita ta tsere. A sa ta cikin kwando mai murfi ko kwali mai ƙarfi da aka huda wa kafofin iska, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, a fita da sassafe kafin rana ta yi zafi. A ɗebo ɗan kashin da ta yi a ranar cikin leda, don a duba ƙwan tsutsa da madubin likita. A kuma rubuta a takarda inda aka samo ta, da abin da take ci, da kowane magani da aka taɓa ba ta, da ko ta taɓa dawowa gida da rauni na cizo.

MISALI DALLA-DALLA

A ɗauka wani ma'aikacin gwamnati a unguwar Arkilla an ba shi 'yar kyanwa kyauta, ba wanda ya san ranar da aka haife ta. Tambayarsa ta farko ita ce: makonta nawa, kuma nauyinta ya dace da kwanakinta? Likita zai buɗe bakinta. Haƙoran nono guda 26 sukan gama fitowa wajen mako shida zuwa takwas, kuma ba sa fara famfara sai wajen wata uku zuwa huɗu. In haƙoran nono sun cika, ba ko ɗaya da ya faɗi, sikeli kuma ya nuna giram 900, to ana iya ƙiyasta mata mako tara. Mai lafiya takan ƙara kimanin giram 100 kowane mako, don haka wannan awo na farko shi ne ma'aunin da za a riƙa gwada ci gabanta da shi.

Daga nan likita zai auna zafin jikinta, wanda a kyanwa mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai. Zai duba dasashi, wanda ya kamata ya zama jaja-jaja. A ce a wannan kyanwa an tarar dasashin ya ɗan yi fari, cikinta ya yi tulu, tana ɗan zawo, kuma da aka taje gashinta a kan jiƙaƙƙiyar farar takarda sai baƙin garin da ya zubo ya rikiɗa ja. Wannan garin kashin ƙuma ne, jan kuwa jinin kyanwar ne da ƙumar ta sha. Tsutsa a ciki, ƙuma a waje, su ne suke rage mata jini.

A nan tambaya ta biyu take shigowa: wane magani ne na tsutsa da na ƙuma, an rubuta a jikinsa cewa ya dace da kyanwa mai wannan kwanaki, kuma yaushe za a maimaita? Maganin tsutsa yakan kashe manya ya bar waɗanda ba su gama girma ba, shi ya sa ake sake ba da shi bayan mako biyu, sa'an nan wata-wata har ta cika wata shida. Game da ƙuma kuwa, nan ne aka fi yin asara. Magungunan kaska na shanu da na karnuka da yawa suna ɗauke da sinadarin fametirin ko danginsa, wanda hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi da sauri. Alamar gubarsa ita ce karkarwa da farfaɗiya cikin 'yan awoyi. Wannan rauni na hanta shi ne kuma ya sa ƙwayar farasitamol ɗaya tak take iya kashe babban muzuru: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya.

Tambaya ta uku ita ce ta riga-kafi. Da yake wannan kyanwa tana zawo, likita zai iya jinkirta allurar har ta warware, domin ba a yi wa marar lafiya riga-kafi. Akwai allura mai haɗe da kariya uku, ɗaya daga cutar amai da zawo mai kashe 'ya'yan kyanwa cikin 'yan kwanaki, biyu daga murar kyanwa. Ana maimaita ta kowane mako uku ko huɗu har kyanwa ta kai mako 16, saboda kariyar da ta sha a nonon uwa tana iya dushe ƙarfin allurar farko. Ga wannan kyanwa lissafin zai zama mako na 10, da na 13, da na 16. Ya kamata a tambaya tun ranar farko ko asibitin yana da ita, ko kuwa sai an yi odarta.

Allurar ciwon haukan kare ana yin ta daga mako 12, don haka za ta iya haɗuwa da zuwa na biyu. A nan akwai tambayar da bai kamata a manta ba: wannan kwalbar ta kyanwa ce? Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta ware riga-kafin kare dabam da na kyanwa, domin irin na kare mai rayayyar ƙwayar cuta an san yana iya haddasa wa kyanwa ciwon da ake gudu. Irin wanda aka kashe ƙwayarsa ba shi da wannan haɗari. A nemi a ga rubutun kwalbar, a kuma karɓi kati mai ɗauke da sunan maganin, da lambarsa, da ranar komowa, da sa hannun likita.

LAFIYAR MUTANEN GIDA

Tambaya ta huɗu ta shafi iyali: me wannan kyanwa za ta iya shafa wa mutanen gida? In akwai wurin da gashinta ya zube ya yi da'ira, wataƙila makero ne, kuma yana kama yara. In akwai mai juna biyu a gidan, a faɗa wa likita, domin akwai wata ƙwayar cuta a kashin kyanwa mai iya cutar da ɗan tayi. Ƙwayar ba ta zama mai haɗari sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar, saboda haka a kwashe shi kullum, kuma wani ya kwashe ba ita ba. In kuwa kyanwa ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti a ranar, kyanwar kuma a tsare ta a sa mata ido kwana goma.

Kafin a fito, a tambayi lokacin fiɗiya, domin macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki. A tambayi jimlar kuɗin zuwa ukun gaba ɗaya don a tsara shi cikin albashi, gama riga-kafin da aka fara aka bari a tsakiya ba shi da tabbas. Daga ƙarshe a karɓi lambar da za a kira da dare. 'Yar kyanwar da ta yini ba ta ci abinci ba, ko take amai a kai a kai, ko take numfashi da baki a buɗe, ba a jira da ita har ranar da aka rubuta a kati.