Risefta Ɗaya, Magunguna Huɗu: Abin da Layin Awo ke Nunawa game da Mofin da Danginsa

Idan aka kawo wanda kodin ko mofin ya yi wa yawa asibiti, abubuwa uku ma'aikatan jinya ke fara dubawa. Ko an girgiza shi ba ya farkawa, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, numfashinsa kuma ya ja baya. Lafiyayyen baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, shi kuwa wannan sai a ƙirga shida ko ƙasa da haka. Sai a yi masa allurar naloksan, miligiram 0.4 ta jijiya. Kafin minti biyu ko uku ya buɗe ido, ƙirji ya kama ɗagawa. Amma da za a yi wa wanda bai sha komai ba wannan allurar, kusan babu abin da zai ji. Maganin da ke janyo mutum daga bakin kabari, shi kansa ba ya kunna komai a jiki.

Sirrin yana wurin da magungunan ke sauka. A jikin ƙwayoyin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da lakar baya akwai wani furotin da masana ke kira risefta, kuma wanda mofin ke nema sunansa miyu. A 1973 ne Candace Pert da Solomon Snyder, da wasu masu bincike a wannan shekarar, suka nuna cewa da gaske akwai irin wannan mazauni a ƙwaƙwalwa. Idan aka kunna shi, ciwo ya lafa, barci ya zo, hanji ya rage motsi, cibiyar numfashi kuma ta yi sanyi. Kodin da aka hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a Najeriya a 2018, sai hanta ta mayar da wani ɓangarensa mofin kafin ya yi aikinsa a nan.

A ɗauki riseftan a matsayin kan famfo. Kama kan famfon abu ɗaya ne, murɗa shi kuma wani abu ne daban. Wani hannun ya kama ya buɗe shi gaba ɗaya, wani ya buɗe rabi ya tsaya, wani ya dafe kawai ya hana kowa taɓawa, wani kuma ya ƙara ɗaure famfon da dama yana ɗiga. Waɗannan su ne cikakken agonis, da agonis mai rabin aiki, da antagonis, da agonis mai juya aiki.

Ba da ido ake rarrabe su ba, da zane ake yi. Mai bincike yakan ɗauki wani ɗan nama ko ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji, ya riƙa ƙara magani kaɗan-kaɗan yana auna amsar da suka bayar. A layin kwance na zanen yana rubuta yawan magani, kuma kowane taki ninki goma ne na wanda ya gabace shi: 1, 10, 100, 1,000. A layin tsaye yana rubuta ƙarfin amsa, daga sifiri zuwa 100. Abin da ke fitowa ya yi kama da harafin S: layin ya fara a kwance, ya hau da sauri, sannan ya miƙe a sama. Lambobi biyu ake ciro wa daga ciki. Emax shi ne ƙololuwar da layin ya kai, EC50 kuma shi ne yawan maganin da ya ba da rabin wannan ƙololuwar. A mafi sauƙin siffarsa lissafin haka yake, inda C ke nufin yawan magani:

```
E = Emax × C / (C + EC50)
```

Idan C ya yi daidai da EC50, amsa ta kai 50 cikin 100. A ninka maganin sau goma, ta kai wajen 91. A sake ninkawa sau goma, 99 kawai za a samu. Wato a tsakiyar layin ƙarin magani yana kawo babban canji, a samansa kuwa kusan banza ne.

Mofin da fentanil cikakkun agonis ne, layinsu yana hawa har sama. Bambancinsu a wurin zama ne, domin layin fentanil yana can hagu sosai: abin da miligiram 10 na mofin zai yi, wajen miligiram 0.1 na fentanil ya isa. A nan ne mutane suka fi ruɗewa idan suka ce magani "ya fi ƙarfi". Zama a hagu yana nufin kaɗan ya wadatar. Tsawon layi kuwa yana nufin iyakar abin da maganin zai iya yi komai yawansa. Tun a shekarun 1950 masana irin su Ariëns a 1954 da Stephenson a 1956 suka raba waɗannan abubuwa biyu, kuma wanda bai raba su ba ba zai taɓa gane bufurenofin ba.

Bufurenofin yana manne wa riseftan miyu fiye da mofin, kuma ba ya saurin saki. Saboda haka layinsa yana hagu. Sai dai ko ya mamaye dukkan riseftocin, ba ya kunna su har ƙarshe, layin sai ya miƙe tun bai kai sama ba. An ga wannan a jikin mutane. Gwaje-gwajen da aka yi da masu sa kai sun nuna cewa idan ana ƙara fentanil, numfashi yana ta raguwa har ya tsaya, amma da bufurenofin raguwar takan kai wani mataki ta daina ƙaruwa. Wannan rufin shi ya sa ake ba masu fama da jarabar hodar iblis ta hirowin da danginta shi, yawanci miligiram 8 zuwa 16 a rana, a ƙarƙashin harshe. Yana kunna riseftan daidai yadda jiki zai daina kuka, ba tare da kai mutum inda cikakken agonis ke kai shi ba. Rufin dai ba garanti ba ne. Idan aka haɗa shi da giya ko baliyam, waɗanda ke danne numfashi ta wata hanyar, ana mutuwa, haka ma idan ƙaramin yaro ya haɗiye ƙwayar.

Ga inda zanen ya fi amfani. A ɗauka, don misali kawai, cewa rufin wani agonis mai rabin aiki yana kan 40. Mutum na farko ya kwana bai sha komai ba, riseftocinsa suna kusa da sifiri, jiki na ciwo, hanci na zuba, ciki na murɗawa. A ba shi maganin, ya tashi daga sifiri zuwa 40, ya sami sauƙi. Mutum na biyu ya sha cikakken agonis awa biyu da suka wuce, yana kan 90. A ba shi wannan maganin dai, awo ɗaya, sai ya ture na farkon daga kan riseftan ya zauna, amsa ta faɗo daga 90 zuwa wajen 40 cikin ƙasa da awa ɗaya. Gumi ya keto, amai da gudawa su biyo, tsikar jiki ta tashi. Ƙwaya ɗaya ce, ta ɗaga wancan ta kuma sauko da wannan. Shi ya sa likita ke jira aƙalla awa 12 bayan shan na ƙarshe, ya kuma ga alamun janyewa da idonsa kafin ya ba da awon farko, kuma idan metadon mutum ke sha jiran ya fi haka tsawo. Allurar fentazosin da aka saba yi wa masu sikila a asibitocin Najeriya ita ma aikinta a kan miyu mai rauni ne, don haka tana iya jawo irin wannan faɗuwar ga wanda jikinsa ya riga ya saba da mofin. Abu ne da ya kamata duk mai riƙe da sirinji ya tambaya kafin ya tsira.

Naloksan shi kaɗai layinsa a kwance yake, ba hawa ba sauka. Aikinsa ba ya bayyana sai an sake zana layin mofin alhali yana wurin. Sai a ga layin ya matsa dama gaba ɗaya, siffarsa ba ta canja ba, ƙololuwarsa ma tana nan. Idan aka zuba antagonis ninki tara na awon da ke cika rabin riseftocin, layin zai matsa ninki goma cif: abin da awo 1 ke yi a da, yanzu sai awo 10. Ma'anar wannan ita ce gasa ake yi, wanda ya fi yawa shi ke zama. Naloksan kuma ba ya daɗewa, cikin minti 30 zuwa 90 ya fara barin jiki, alhali maganin da ya kora yana nan cikin jini. Wanda ya farka ya ce shi gida zai tafi yana iya sake sumewa a hanya, shi ya sa ake riƙe shi a ci gaba da ƙirga numfashinsa. Game da taramol kuwa, naloksan rabin aikin kawai yake yi, domin taramol yana taɓa wasu hanyoyin na ƙwaƙwalwa, kuma jijjigar da yake haddasawa ba ta wannan riseftan take bi ba.

Akwai antagonis ɗin da ba ya saki ko kaɗan, ko wanda ke kamawa a wani gefe na riseftan. Shi alamarsa daban ce: ƙololuwar layin ce ke saukowa, kuma ƙarin agonis ba ya mayar da ita.

Na huɗun ya daɗe a ɓoye saboda an ɗauka risefta shiru yake har sai an taɓa shi. A 1989 Tommaso Costa da Albert Herz suka nuna, a kan riseftan delta, ɗan'uwan miyu, cewa yana ɗan aika saƙo ko babu magani a kansa, kuma wani sinadarin da ake ɗauka antagonis ne yana rage wannan saƙon. Ashe ƙasan zanen ba sifiri ba ne. Idan riseftocin suna kan 20 da kansu, cikakken agonis ya kai su 100, antagonis na gaskiya ya bar su a 20, mai juya aiki kuwa layinsa gangarowa yake yi, daga 20 zuwa kusa da sifiri. Hujjar da ke tabbatar da cewa a risefta ɗaya ake wannan aikin ita ce, idan aka zuba antagonis na gaskiya, yana tare mai hawan yana kuma tare mai gangarowar.

Magungunan mura da ƙaiƙayi irin su firiton da setirizin da loratadin, waɗanda aka yi shekaru ana kira antagonis na riseftan histamin, gwajin ɗaki ya nuna masu juya aiki ne. Mai atishawa ba zai ji bambancin ba, domin a inda risefta ba ya yawan motsi da kansa, antagonis da mai juya aiki layi ɗaya suke bayarwa. Bambancin yana fitowa fili a mazaunin baliyam a ƙwaƙwalwa. Baliyam yana kwantar da hankali yana kuma tsayar da jijjiga. Fulumazenil yana zama a wurin ya kore shi, shi ya sa ake farkar da wanda baliyam ya yi wa yawa da shi. Wasu sinadarai kuma daga dangin beta-kabolin, da suka sauka a wannan mazaunin, sun jefa dabbobin gwaji cikin jijjiga, kuma da aka gwada ɗaya daga cikinsu a kan mutane masu sa kai a farkon shekarun 1980, matsanancin tsoro ne ya kama su.