A Yi Hattara da Masu Kumbura Lissafin Shago Don a Samu Bashi

Akwai wata sana'a da ke ƙara yaɗuwa a bakin bankuna da shagunan kwamfuta na biranenmu, kuma ƙananan 'yan kasuwa ne ke kwana a ciki. Mai shago zai je neman bashi, a ce masa ya kawo takardar tsarin kasuwancinsa. Shi kuwa bai taɓa rubuta irinta ba, sai a nuna masa wani yaro mai kwamfuta da ya ƙware. Yaron ba zai taka shagon ba, ba zai nemi littafin ciniki ba. Tambayarsa ɗaya ce: "Alhaji, nawa kake so su ba ka?" Daga wannan adadi zai fara lissafi da baya, ya ƙago cinikin da zai isa biyan bashin, ya ƙago ribar da za ta dace da cinikin, ya ɗaure takarda da bango mai sheƙi. Abin ya bunƙasa tun lokacin da shirye-shiryen bashi irin su AGSMEIS na Babban Bankin Najeriya suka sa takardar tsarin kasuwanci cikin sharuɗɗa, kuma har yau bai lafa ba.

Gyara takardar tsarin kasuwanci don alƙaluma su dace da buri abu ne mai kyau, kuma wajibi ne. Matsalar tana ga wanda ake lanƙwasawa. In aka lanƙwasa alƙaluma don su bi buri, an haƙa wa mai shago rami. Gyaran gaskiya shi ne a yanke burin daidai da abin da shagon ke iya ɗauka.

Mu ɗauki misalin mai shagon tireda a wata unguwa a Kano, wanda ke saro kaya daga kasuwar Singa. Yana ciniki na kusan naira 60,000 a rana, kwana 26 a wata, wato naira 1,560,000. Ribar kayan masarufi siririya ce: a kan taliya, sukari, madara da omo, a ce yana samun naira goma cikin kowace ɗari ta ciniki. Ribarsa ta wata ke nan naira 156,000. Daga ciki hayar shago, kuɗin yaron shago, wuta da man janareto, dako, haraji da kayan da suka lalace suna cinye naira 66,000. Saura 90,000. Sannan ga abin da kusan kowace takarda ke ɓoyewa, wato cefanen gida. Kullum yana zarar naira 2,000 daga aljihun shago, wanda a wata ya kama 60,000. Abin da ya rage masa tsurarsa a ƙarshen wata naira 30,000 ne.

Wannan mutum ne aka rubuta wa takardar neman naira miliyan biyu. A ce bankin ƙananan 'yan kasuwa ne mai karɓar ruwa kashi 4 cikin ɗari a wata a kan uwar kuɗin, tsawon wata 12. Ruwan kowane wata 80,000, uwar kuɗi kusan 166,700, jimla kusan naira 246,700 duk wata. Mai rarar 30,000 zai riƙa biyan fiye da ninki takwas na rararsa, ɗaukar Dala ba gammo. Marubucin takardar ya san haka ba za ta wuce ba, shi ya sa ya rubuta cinikin rana 200,000, ya mayar da riba kashi 25, ya share cefane baki ɗaya. A kan takarda ribar wata ta koma naira miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, bashin ya zama kamar wasa. Komai ya dace da komai, sai dai babu abin da ya dace da shagon.

Ƙwararren jami'in bashi ba ya shan wahala kafin ya gano. Zai leƙa shagon ya ƙiyasta kayan da ke kan kanta, ya ga ba su wuce na naira 800,000 ba. Cinikin da aka rubuta yana nufin sai an sayar da kayan shagon kakaf an sake cika shi kusan sau biyar a wata, alhali a gaskiya ko sau biyu ba ya cikawa. Zai ɗora takardar bayanan asusun banki da ta POS kusa da takardar tsarin, ya ga kuɗin da ke shiga ba su kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta ba. Zai kuma duba burin: an ce za a sayi firiza da janareto, a buɗe reshe na biyu, a ɗauki ma'aikata uku, a cika shago da kaya, duk da miliyan biyun nan, amma a jadawalin kashe kuɗi babu albashin mutum ukun, babu hayar reshen, babu man da firizar za ta sha. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A nan sai a mayar wa mai shago takardarsa, ya yi asarar kuɗin rubutu da na zirga-zirga. Wanda aka mayar wa takarda ma shi ne mai sa'a.

Wanda ya shiga uku shi ne wanda takardarsa ta wuce. Kuɗi za su faɗo, wata na farko zai biya cikin sauƙi, na biyu ma haka, saboda daga cikin bashin yake zara yana mayar wa banki. Shi kuma yana ganin komai lafiya. Ya jibge kaya, amma mutanen unguwa ba su ƙaru ba, cikinsu bai ƙara faɗi ba don ya ci bashi. Madara tana zaune har kwananta ya ƙare, ɓera ya shiga buhun fulawa, sai ya fara sakin kaya bashi ga maƙwabta don su motsa. Zuwa wata na biyar ko na shida kuɗin bashin sun ƙare, ya koma cin uwar jarinsa ta asali. Alamar tana bayyana a kan kanta: kwalayen da babu komai a ciki ana jera su a sama don a rufe giɓi, zuwa Singa ya koma sau ɗaya a mako biyu, mai saye ya tambayi abu a ce masa "ya ƙare, sai gobe." Daga nan sai cin bashin manhajar waya don a biya na banki.

Kuma kada wani ya ce zai sauya banki ya ɓace. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka dama ya ɗebi kuɗi daga sauran asusunanka na wasu bankuna ta hanyar lambarka ta BVN, muddin ka sa hannu a kan yarjejeniyar. Sunanka zai shiga kundin hukumomin tattara bayanan masu bashi, irin su CRC da FirstCentral, ya rufe maka ƙofar bashi na gaba. Ɗan'uwan da ya tsaya maka shi za a kama. Sa hannu a kan alƙaluman ƙarya don karɓar kuɗi kuwa laifi ne a doka, kuma hannun da ke kan takardar naka ne. Yaron kwamfuta ya karɓi ladansa tuntuni, sunansa ba ya ko'ina.

To yaya ake gyaran na gaskiya? Ana farawa ne daga littafi. Mai shago ya rubuta cinikinsa da sayayyarsa da duk abin da ya zara na aƙalla wata uku, har da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki. In ba ya rubutu, rasitan sari da bayanan POS za su taimaka. Daga nan a fitar da rara, wadda a misalinmu 30,000 ce. Sai a tambayi shagon abin da yake buƙata: waɗanne kaya ne ke ƙarewa alhali ana nema? Mai shagonmu ya san amsar, man gyaɗa ne da taliya da sukari, waɗanda yake saye rabin kwali saboda ƙarancin jari. In aka ƙara masa kayan naira 300,000 na irin waɗannan, suka juya sau ɗaya da rabi a wata, cinikinsa zai ƙaru da kusan 500,000, ribarsa ta ƙaru da 50,000. Bashin 300,000 a kan sharaɗin da muka ambata biyansa 37,000 ne a wata, ga shi kuma yana da 80,000 a hannu.

Ba a tsayawa nan. Sai an gwada lissafin da mummunan wata, domin kasuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. In ƙarin ribar ya zo rabi kawai, yana da 55,000, zai biya ya rage. In bai zo ba sam, zai gaza da 7,000, giɓin da mutum zai iya cikewa ba tare da ya sayar da fili ba. Haka ake gane bashin da ya yi daidai da mai shi. Firiza da reshe na biyu ba a jefar da su ba, an mayar da su shekara ta gaba, bayan an gama wannan biyan kuma an samu shaidar cika alkawari a banki. Duk burin da aka bari a cikin takardar dole a ga kuɗinsa a jadawalin kashewa, a ga abin da zai kawo a jadawalin shiga, a ga watan da zai fara kawowa.

A kula da maganar ruwa kuma. Kashi 4 da ake lissafawa a kan uwar kuɗin farko har ƙarshe ya fi tsada fiye da yadda yake a kunne, domin a wata na goma sha ɗaya kana biyan ruwan kuɗin da ka riga ka mayar. In aka auna shi da abin da ya rage a hannunka, ya kai kusan kashi shida da rabi a wata. Ka nemi jadawalin biya a rubuce, da duk kuɗin fom da inshora da za a cire kafin kuɗin su iso gare ka. Wanda ya guje wa kuɗin ruwa ya nufi bankin Musulunci irin Jaiz ko TAJ, inda ake saya masa kaya a sayar masa da ƙarin riba ta hanyar murabaha, shi ma wannan lissafin bai bar shi ba. Wa'adin biya yana nan, kuma daga ribar shagon za a biya.

Ba laifi ba ne ka nemi wanda ya iya rubutu ya taimake ka. Amma ka kai shi shagon, ka buɗe masa littafi, kuma bayan ya gama ka sa ya karanta maka kowane adadi da Hausa. Duk adadin da ba za ka iya kare shi da bakinka a gaban jami'in banki ba, ka ce a cire. Wanda ya ce maka "bar min lissafi, na san abin da suke so su gani," ko ya nemi kaso daga cikin bashin in ya fito, ka karɓi takardunka ka tashi. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ku riƙa zaunar da mambobinku kuna duba takardun nan tare kafin a kai su banki, musamman waɗanda za ku tsaya wa.