Kafin Edita Ya Taɓa Kwamfuta: Yadda Ake Yi wa Rubutun Sharhi Alamar Hoto

A gidan talabijin ko a ɗakin masu haɗa bidiyo, yawanci rubutun sharhi ne ke fara kammala. Ɗan jarida ya rubuta shafi biyu, an gyara masa, wani lokaci ma an riga an naɗi muryar mai karantawa. Sai a miƙa wa edita takardar tare da katin kyamara mai ɗauke da hotunan awa biyu, a ce ana son rahoton minti uku kafin magariba. Takardar ta faɗi abin da kunne zai ji, amma ba ta ce komai a kan abin da ido zai gani ba. Aikin cike wannan giɓi shi ne a bi rubutun jimla bayan jimla, a nuna inda hotunan rakiya za su hau, waɗanda ma'aikata ke kira bi-rol, da inda girafik zai fito, da inda sunan mai magana zai bayyana a ƙasan allo.

A ɗauki misalin ɗan gajeren rahoto a kan marinar Ƙofar Mata da ke Kano. Jimlar farko ta ce: "A tsakiyar birnin Kano, daura da Ƙofar Mata, akwai marinar da ake cewa an kafa ta tun shekarar 1498." Ta biyu kuma ta ce: "Masu rini suna haɗa baba da toka da kanwa a rijiyar rini, su bar haɗin ya yi makonni kafin a tsoma yadi." Daga nan sai wani dattijon mai rini ya yi magana da bakinsa.

Mai sa alama ba da hoto yake farawa ba, da agogo yake farawa. Zai karanta kowace jimla da ƙarfi, a irin saurin da mai sharhi zai karanta ta, ya rubuta yawan sakan a gefenta. A ce mai sharhin yana furta kalma biyar a cikin sakan biyu. Jimlar farko kalma 19 ce a takarda, wato ƙasa da sakan takwas idan aka bi lissafin ido. Amma 1498 kalma ɗaya ce a rubuce, tara ce a baki: dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas. Jimlar ta koma kalma 27, kusan sakan 11. Wanda ya ƙirga da ido zai tanadi hoton da bai kai ba, edita kuma ya rasa abin da zai rufe sakan ukun ƙarshe da shi. A nan ne ake ganin an ja hoto ya yi nauyi kamar ana tafiya cikin ruwa, ko an maimaita wanda aka riga aka nuna.

Bayan an san tsawon kowace jimla, sai a raba shafin gida biyu, kamar yadda aka saba a aikin talabijin: hoto a hagu, murya a dama. Ana amfani da gajerun alamomi da kowane edita ya sani. VO na nufin muryar mai sharhi, SOT maganar wanda aka yi hira da shi, BR hoton rakiya, GFX girafik, L3 kuma rubutun ƙasan allo. Ga yadda farkon rahoton zai kasance:

```
1 VO 11s  BR C0012 00:14-00:18 ƙofar daga nesa
          BR C0031 01:02-01:09 jerin rijiyoyi
          GFX "1498" a kan kalmar "shekarar", 4s
2 VO 9s   BR C0044 baba, toka, kanwa a tabarma
          BR C0050 ana motsa rijiya da sanda
3 SOT 18s L3 suna / Mai rini, Ƙofar Mata, 5s
```

Abin lura a nan shi ne kowace alama tana ɗaure da wata kalma, kuma tana da lambar fayil da lokacin da hoton yake a cikinsa. Rubuta "a sa hoton marina" ba alama ba ce, domin duk katin hoton marina ne. Alamar kirki tana gaya wa edita wane hoto, daga ina zuwa ina, kuma a kan wace kalma zai shigo.

Jimla ta biyu ta fi wuya, kuma a kanta ake gane wanda ya iya aikin. Sabon hannu zai ga abubuwa uku, baba da toka da kanwa, ya sa hoto uku. Amma "baba da toka da kanwa" kalma biyar ce, sakan biyu kacal. Hoto uku a sakan biyu walƙiya ce, mai kallo ba zai gane ko ɗaya ba, alhali hoton rakiya a irin wannan rahoto yakan buƙaci sakan uku zuwa biyar kafin ido ya zauna a kansa. Mafita biyu ce. Ko a nemi hoto ɗaya da ya haɗa kayan uku a wuri guda, ko a sa alamar shiru a rubutun, mai sharhi ya dakata bayan "kanwa" na sakan huɗu, a bar ƙarar ruwa da sandar motsawa su cika wurin. Ta biyun ta fi daɗin kallo, sai dai tana cin lokaci, kuma rahoton minti uku ba ya ɗaukar irinta da yawa. Dole mai sa alama ya zaɓi inda ya fi cancanta tun a takarda.

Akwai kuma wurin da hoton rakiya zai iya cutar da mutum. A ce wata jimla a gaba ta ambaci cewa wasu 'yan kasuwa suna sayar da yadin rinin zamani da sunan na baba. Idan edita ya ɗora fuskar wani mai rini a kan wannan jimla don kawai hoton ya yi kyau, mai kallo zai ɗauka shi ake nufi. Mutumin da ya karɓi 'yan jarida hannu bibbiyu ya wayi gari da zargin da ba nasa ba. Don haka a irin wannan layi ana rubuta a fili cewa ba fuska, ba allon shago, hannuwa ko tarin yadi kawai. Haka ma idan hoton tsoho ne, daga ajiya aka ɗauko shi, a sa alamar a rubuta hakan a allo tare da shekararsa.

Girafik kuwa ba ado ba ne. Wurinsa shi ne inda kyamara ba ta da abin ɗauka: shekara, adadi, taswira, ko kwatancen abu biyu. Ba wanda zai iya ɗaukar hoton 1498, shi ya sa aka rubuta ta a allo. Baba da toka kuwa ana iya ganinsu, to ba sa buƙatar a jera sunayensu. Idan ana sa ran masu kallo daga Maraɗi ko Kumasi, taswirar sakan huɗu da ke nuna Ƙofar Mata a cikin tsohon birnin Kano za ta yi amfani. Sharaɗin shi ne abin da ke allo ya zama shi ne abin da murya ke faɗa a daidai lokacin, domin mutum ba ya iya karanta wata magana yana sauraron wata daban. Kuma a rubuta wa mai zane ainihin kalmomin da za su fito, a aika masa da wuri, tunda girafik ƙera shi ake yi, ba a cikin kati ake tarar da shi ba.

Rubutun ƙasan allo shi ne mafi ƙanƙanta a cikin ukun, shi ne kuma ya fi jawo ƙorafi. Layi biyu ne: suna a sama, matsayi ko sana'a a ƙasa. Ana sa shi karo na farko da mutum ya fara magana, bayan kamar sakan ɗaya da bayyanar fuskarsa, ya tsaya har mai kallo ya iya karanta shi sau biyu, wanda yawanci sakan biyar ne. Wannan yana nufin sakan shida na farkon maganar dattijon haramun ne ga hoton rakiya. Sau da yawa edita yana yanke tari ko in-ina daga hira, ya rufe yankan da wani hoto. Idan yankan ya faɗo a cikin waɗannan sakan shida, sunan dattijon zai zauna a ƙarƙashin hoton wani saurayi yana matse yadi, mai kallo kuma ya ba saurayin sunan. Mai sa alama shi zai hango wannan, ya zaɓi maganar da farkonta ba yanka, ko ya matsar da sunan zuwa inda fuskar ta dawo ta daɗe.

Rubutun sunan ma yana da nasa tarkon. Ba daga kunne ake ɗauko shi ba. Mai ɗaukar hoto mai hankali yakan roƙi baƙo ya faɗi sunansa da muƙaminsa a gaban kyamara, ko ya rubuta da hannunsa. Sarauta ko muƙami mai tsawo sai an yanke shawarar abin da zai shiga layi ɗaya, kuma gara a tambayi mai shi da a rage masa abin da yake ji da shi. Sannan ga haruffan ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda ba kowane salon rubutun kwamfuta ne ke da su ba. Idan ba a gwada ba, "Ƙofar Mata" za ta fito da ɗan akwati a madadin harafin farko, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa. Ana rubuta gargaɗin a gefen alamar. Idan kuma shirin zai ɗauki fassara a ƙasan allo, to ita da sunan wuri ɗaya suke nema, sai a nuna a ɗaga ɗaya daga cikinsu.

Da an gama, sai a bi gidan hagu daga sama har ƙasa. Duk jimlar da ba ta da komai a gabanta rami ne, duk alamar da ba ta da lambar fayil kuma hoton da ba a ɗauko ba ne. Waɗannan ake tattarawa a ba mai ɗaukar hoto ya koma marina da su, tare da umarnin ya riƙe kowane hoto aƙalla sakan goma domin edita ya sami abin yanka gaba da baya. Sai a tara sakan na hagu a gwada da na dama, jimla bayan jimla. A misalin nan, layin farko yana da hoton sakan huɗu da na sakan bakwai, sun cika 11 ɗin da murya ke buƙata. Layi na biyu har yanzu ba a sa masa lokacin shiga da fita ba, kuma idan aka amince da shirun sakan huɗu bayan "kanwa", hotunansa biyu sai sun kai sakan 13 maimakon tara.