Waƙar Yaran Tamil: Amsa-amo a Bakin Layi

A jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, akwai wata waƙa da uwa ke yi wa ɗan tatata tana lilo da hannunsa. A cikinta akwai zancen zuwa kanti a sayo alewa. Layukan gajeru ne, kuma kowanne na ƙarewa da umarni guda, wato a kaɗa hannu. Kafin yaro ya iya magana, ya san inda zai jefa hannun.

Sai dai ainihin gwanintar mawaƙan Tamil a farkon layi take. Mu mun saba jin amsa-amo a ƙarshe, su kuwa suna da etukai: gaɓa ta biyu ta kalmomin da suka buɗe layuka ita ce ke dacewa. Idan layi ya fara da pattu, alharini ke nan, na biye zai iya farawa da tattu, wato faranti.

Akwai sharaɗi kuma, tsawon gaɓar farko dole ya zo ɗaya. Paattu, wato waƙa, ba ta zama da tattu, don wasalinta dogo ne. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda kunnensa na raba fari da faari.