Tunin bashi sau uku: yadda murya take sauyawa daga na farko zuwa na ƙarshe

Mu ɗauki misali da wani dillalin kayan abinci a Kasuwar Singa ta Kano. Ranar 3 ga Maris ya sauke wa wata mai gidan abinci shinkafa buhu 12, kowane buhu a kan naira 70,000, jimilla naira 840,000, bisa alkawarin za ta biya cikin kwana 30. Ba yau suka fara ciniki ba, ta saba ɗauka ta biya. Ranar 2 ga Afrilu ta zo ta wuce, alat bai shigo ba, waya ma ba ta kira ba. Shi kuma kamfanin da ya ba shi shinkafar ba ya jiran kowa.

Yawancin 'yan kasuwa a nan hanya ɗaya suke bi. Kunya za ta hana su magana sati biyu ko uku, sai abin ya taru a zuciya, ranar da suka buɗe baki kuma faɗa ne. Wasu kuwa saƙo guda suke maimaitawa, "Hajiya ina tuni", yau da gobe da jibi, har mai bashi ya gane cewa tunin nan ba ya cizo. Ni a ganina tuni uku sun isa, in har kowanne ya bambanta da na gabansa. Kuma bambancin ba na zafin harshe ba ne. Abin da ke sauyawa shi ne zaton da kake yi wa mai bashin, da abin da kake nema a wurinsa, da yawan ƙofar da ka bar masa a buɗe.

Tunin farko ana yin sa ne da kyakkyawan zato, kwana biyu zuwa biyar bayan cikar wa'adi. Kana ɗauka mantuwa ce, ko takardar kuɗin ta ɓata a teburin akanta, ko an tura kuɗin banki ya riƙe. Sau da yawa ma hakan ne gaskiya, musamman inda wanda ya karɓi kaya daban, wanda ke sa hannu a biya daban. Dillalinmu zai iya rubuta mata ta WhatsApp ranar 7 ga Afrilu kamar haka:

"Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki, ya iyali? Ina tuna miki kuɗin shinkafa buhu 12 da muka sauke ranar 3 ga Maris, naira 840,000, wanda wa'adinsa ya cika 2 ga Afrilu. Ga hoton takardar da lambar asusu na sake turowa. In kuma an riga an tura, a sanar da ni in duba. Allah ya ƙara kasuwa."

A lura da abin da ke ciki. Gaisuwa cikakkiya ce, kamar yadda suka saba, amma adadin kuɗi da ranaku suna nan ƙarara, domin sassaucin murya ba ya nufin a ɓoye lissafi. Jimlar "in an riga an tura" tsani ce da aka ajiye mata ta sauko ba tare da jin kunya ba. Abu biyu ne ba a so a nan. Na ɗaya, neman afuwa: "ki yi haƙuri na dame ki" yana nuna kamar alfarma kake roƙo, alhali hakkinka ne. Na biyu ya fi ɓarna, wato "duk lokacin da kika samu dama". Wanda ya rubuta haka ya goge wa'adin da hannunsa, kuma ya sa kansa a ƙarshen layin masu bin bashi, domin mai gidan abinci tana da mai gas, da mai nama, da albashin yara, kuma wanda ya fi matsawa shi ake fara sallama.

Tuni na biyu shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi amfani. Bayan kamar mako guda, zancen mantuwa ya ƙare, tunda alamar karantawa ta nuna an ga saƙon farko. Amma lokacin zargi bai yi ba tukuna, saboda ba ka san dalili ba. Don haka murya takan koma ta tambaya, tambayar da ba za a iya amsa ta da "in sha Allahu muna hanya" kawai ba. Gaisuwa ta gajarta, addu'ar ƙarshe ta ragu, a kuma ambaci saƙon baya da ranarsa:

"Assalamu alaikum Hajiya. Na rubuto ranar 7 ga wata kan naira 840,000 na shinkafa, ban ji amsa ba, yau kwana 12 ke nan da cikar wa'adi. Shin akwai wata matsala a kayan ko a lissafin? In babu, ina so ki faɗa mini ranar da za a biya, kafin Alhamis 17 ga wata. Zan kira ki gobe da hantsi."

Kiran wayar nan wajibi ne, kuma a yi shi a lokacin da aka ce. A rubuce mutum yana iya shiru, amma a waya kunne yakan tsinci abin da ake ɓoyewa. Amsar da za ka samu ita ce za ta gaya maka irin mai bashin da ke gabanka. Wanda ya ce buhu biyu sun zo da ƙwari, ko an rubuta 12 alhali 11 aka sauke, gardama ce ta kaya: a warware ta nan take, a kuma nemi ya biya kuɗin da babu jayayya a kansa, kada buhu biyu su riƙe kuɗin goma. Wanda ya ce ciniki ya tsaya, ya kawo rana da adadi da bakinsa, yawanci mai niyyar biya ne da ya shiga matsi. Shi kuwa wanda kullum amsarsa "oga ya yi tafiya", "netwok ne", ko ya turo hoton rasit ɗin tiransifa amma alat bai shigo ba, to wannan kasuwanci yake yi da kuɗinka. Rasit ba kuɗi ba ne sai ka ga shigarsa a asusunka.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa a wannan mataki ya dace a miƙa hannu. Musulunci ma ya raba mutanen biyu: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, hadisi kuma ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. Tuni na biyu shi ne ma'aunin da ke raba su. A misalinmu, a ce Hajiya ta yi bayanin cewa wani kamfani da take kai wa ma'aikatansa abinci bai biya ta ba. Suka daidaita za ta ba da naira 300,000 ranar 17, ragowar naira 540,000 kuma ranar 24. Da ajiye waya sai dillali ya rubuta mata abin da suka tsayar, ya ce ta amsa da "na amince". Wannan 'yar amsa tana da nauyi. Ta zama shaidar cewa ta yarda da bashin da adadinsa, kuma a dokokin yawancin jihohin Nijeriya, amincewa da bashi a rubuce da sa hannu, ko biyan wani ɓangare nasa, yana sabunta lissafin wa'adin kai ƙara. In kuɗin da yawa, ya fi kyau a sa hannu a kan takarda.

Ta biya naira 300,000 a ranar da ta ce. Ranar 24 ta zo, shiru, an kira sau biyu ba a ɗauka ba. Nan ne ake tuni na uku, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna tsammanin shi ne na zage-zage. A'a, shi ne mafi gajarta kuma mafi sanyi a cikin ukun. Babu tambaya a ciki, babu ba da labarin wahalar da kake sha, babu "ban zaci haka daga gare ki ba". Tarihi ne a taƙaice, da wa'adi guda, da abin da zai biyo baya. Siffarsa ma takan sauya: wasiƙa ce a kan takarda mai sunan shago, da kwanan wata da sa hannu, a kai ta hannu da hannu, wanda ya karɓa ya sa hannu a kwafi. Ana kuma aika ta ga mai wurin da kanta, ba ga manaja ko kashiya ba. Har "ni" yakan koma "mu":

"Hajiya, bayan sallama. Daga cikin naira 840,000 na shinkafar 3 ga Maris, mun karɓi naira 300,000 ranar 17 ga Afrilu. Ragowar naira 540,000 da kika amince za ki biya ranar 24 ga Afrilu ba su shigo ba. Muna neman a biya su gaba ɗaya zuwa ranar Litinin 5 ga Mayu. Daga yau mun dakatar da ba da kaya bashi. Idan ranar ta wuce ba a biya ba, za mu shigar da ƙara a kotun ƙananan basussuka ba tare da wani tuni ba."

Har yanzu "Hajiya" ce, girmanta bai faɗi ba. Abin da ya fita daga wasiƙar shi ne zaɓi. Sharaɗin wannan mataki kuwa shi ne kada ka ambaci abin da ba za ka yi ba, ko wanda ba ka da hurumin yi. Barazanar kai mutum ofishin 'yan sanda ita ce ta fi yawa a bakin mutane, kuma ita ce mafi rauni, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Mai bashin da ya san haka dariya zai yi, in ma yana da lauya, kai ne za ka koma bayar da amsa. Haka nan ɗora hoton mutum a sitatus, ko tona shi a zauren 'yan kasuwa, yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna da ta fi bashin tsada. Ƙara kuɗin jinkiri da ba a yi yarjejeniyarsa tun farko ba shi ma gardama yake buɗewa, ban da cewa a tsakanin Musulmi zancen riba zai taso, a bar maganar asalin bashin a koma wannan.

Kotun ƙananan basussuka kuwa abu ne na gaske da talaka zai iya bi. Legas ta buɗe tata a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, an kuma tsara su yadda mutum zai iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba. Kafin a karɓi ƙara ana son a ga an aika wa mai bashi takardar neman biya, kuma kotun tana da fom nata na wannan, don haka yana da kyau a leƙa wurin magatakarda kafin a aika wasiƙa ta uku. Wanda bai so zuwa kotu ba yana iya rubuta abin da zai yi da gaske, kamar kai maganar gaban shugabannin ƙungiyar kasuwa ko wani dattijo da dukansu suke jin nauyinsa. A kasuwanninmu wannan yakan fi sammaci saurin aiki, in dai mai bashin yana cikin da'irar da ake ganin ido.

Saƙon murya ba shi da wuri a mataki na uku. Yana ɗauke da fushin da kake ƙoƙarin ɓoyewa, kuma ana iya tura shi ga wasu a yanke farkonsa. Haka kuma in ranar 5 ga Mayu ta wuce, ba a rubuta tuni na huɗu. Wanda ya ce "wannan ne na ƙarshe" sannan ya sake wani, ya koya wa mai bashi cewa na biyar ma yana tafe. Ranar 6 ga wata a je a ɗauki fom.

In kuwa ta biya a cikin wa'adi, murya ta koma yadda take tun farko. A aika godiya a layi ɗaya da rasit na cikon kuɗi, ba tare da tada tsohon zance ba. Sharaɗin ciniki ne kawai zai sauya: oda ta gaba rabin kuɗi a hannu, ragowar cikin kwana 14, har sai an ga biya biyu ko uku sun zo a kan lokaci kafin a mayar da ita kwana 30.