Idan Allurar da Aka Yi Amfani da Ita Ta Soki Ma'aikacin Asibiti

Allurar da ta fito daga jikin majiyyaci tana ɗauke da ɗan jini a cikin raminta, ko da ido bai gan shi ba. Idan ta soki wani, cututtuka uku ne ake jin tsoron su bi ta wannan ƙofa: ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da ciwon hanta nau'in C. Haɗarinsu ba ɗaya ba ne. In majiyyacin yana da ƙwayar HIV, cikin mutum dubu da irin allurarsa ta soka, kimanin uku ne ke kamuwa. Na hanta nau'in C bai wuce biyu cikin ɗari ba. Na hanta nau'in B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, yana kamawa daga shida har talatin cikin ɗari, gwargwadon yawan ƙwayar a jinin majiyyacin. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kusan manya takwas cikin ɗari suna ɗauke da nau'in B, alhali masu HIV ba su kai biyu ba. Saboda haka cutar da wanda aka soka ya fi tsoro ba ita ce ta fi kusa da shi ba.

Abu na farko shi ne wankewa. A cire safar hannu, a tara wurin a ƙarƙashin famfo, a wanke da sabulu sosai. In babu famfo, wani ya riƙa zuba ruwa da buta. A bar jinin ya fita da kansa, sannan a tsane wurin a rufe da filasta. Ba a matse yatsa, ba a tsotsa da baki, ba a tsaga wurin da reza, ba a kuma tsoma shi cikin bilic. Mutane da yawa suna ganin zafin bilic alama ce ta yana kashe cuta, amma abin da yake yi shi ne ƙona naman wurin, kuma babu shaidar cewa matsa ko ƙonawa suna rage haɗarin kamuwa. Idan jini ne ya fantsama a ido ko baki, ruwa mai tsabta kaɗai ake sa wa, a yi ta ɗaurayewa na 'yan mintoci.

Daga wurin famfo sai wurin shugaban ɗaki ko nas ɗin da ke bakin aiki, ba sai an tashi ba. A rubuta lokacin da abin ya faru, da irin allurar, da zurfin sukar, da ko an ga jini a jikinta, da majiyyacin da aka yi wa amfani da ita idan an sani. Likita yana bukatar waɗannan don auna haɗari. Allura mai rami da aka ɗebi jini da ita ko aka sa a jijiya ta fi allurar ɗinki haɗari, suka mai zurfi ta fi ƙarzane, kuma wadda ta fito yanzu daga jiki ta fi wadda ta kwana a shara. Rubutun kuma shi ne shaidar ma'aikaci daga baya cewa a bakin aiki abin ya same shi.

A nan ne masu shara suka fi cutuwa. Nas ta san majiyyacin da take yi wa allura. Mai shara ba ta san komai ba sai cewa wani abu ya soke ta. A ɗauki misalin wata mai shara a ɗakin kwanciyar maza, ranar Juma'a 1 ga Maris, da ƙarfe tara na dare. Ta ɗaure baƙar ledar shara ta ciccɓo ta, sai allurar da wani ya jefa ciki, maimakon kwalin allurai mai ruwan ɗorawa, ta huda ledar da safar ta shiga tafin hannunta. Ciwon bai fi cizon tururuwa ba. Abin da yakan zo wa irinta a rai shi ne ta yi shiru kada a ce ta yi sakaci, musamman idan ba ma'aikaciyar dindindin ba ce, ko ta bari sai Litinin in an buɗe sashen masu ƙanjamau. Duka biyun kuskure ne, domin maganin kariya daga HIV, wanda ma'aikatan lafiya ke kira PEP, yana da wa'adi. Ya fi aiki idan an fara shi cikin awoyin farko, kuma ba a fara shi bayan awa 72. Wa'adin wannan mata zai cika ranar Litinin da ƙarfe tara na dare, amma kowace awa da ta wuce ragi ce. Sashen gaggawa ne wurin zuwanta a daren, ko ɗakin haihuwa, inda sau da yawa akan ajiye irin waɗannan magunguna. In asibitin ba shi da su, a tura ta wani nan take.

Kafin ko tare da ƙwayar farko, za a ɗebi jininta a gwada HIV da hanta nau'in B da nau'in C, a duba aikin ƙoda da na hanta, a kuma yi gwajin ciki. Wannan gwajin farko ba ya faɗin komai game da allurar daren nan. Yana nuna halin da take ciki ne kafin sukar. In ya nuna tana da HIV tun da can, ba PEP take bukata ba, sai cikakken magani na dindindin. Idan an san majiyyacin, ana neman yardarsa a gwada shi, kuma gwajin gaggawa ba ya wuce minti ashirin. Sakamakonsa ya nuna ba shi da ƙwayar, kuma babu dalilin zaton sabon kamu ne, sai a dakatar da maganin. Amma ba a jinkirta ƙwayar farko don jiran sakamakon. Ita allurar ba a kai ta ɗakin gwaji, don abin da za a samu a jikinta ba abin dogaro ba ne. A misalin mai sharar nan ba a san mai allurar ba, don haka likita ne zai auna: wane ɗaki ne, su wa ke kwance, akwai jini a allurar ko babu. In shakka ta yi yawa, an fi son a fara maganin a sake duba lamarin cikin kwana uku.

Maganin da aka fi bayarwa yanzu ƙwaya ɗaya ce mai haɗin magani uku, tenofobir da lamibudin da dolutegrabir, wadda ake rubutawa TLD. Ana shan ta sau ɗaya a rana, a lokaci guda, har kwana 28 cur. Wadda ta fara daren 1 ga Maris za ta sha ta ƙarshe ranar 28. Tashin zuciya, ciwon kai, kasala ko rashin barci sukan zo a makon farko su lafa, kuma su ne ke sa wasu su ajiye maganin a rabin hanya. Wanda abin ya dame shi ya koma a ba shi abin da zai rage masa, kada ya tsayar da kansa. Akwai wani tarko da ba a cika faɗa ba: maganin ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam, da farin maganin olsa na ruwa suna kama dolutegrabir a ciki su hana shi shiga jini. Sai a sha TLD awa biyu kafin su, ko awa shida bayansu. Juna biyu ko shayarwa ba sa hana PEP, amma dole likita ya sani. Haka mai shan maganin tarin fuka da mai ciwon ƙoda.

Batun hanta nau'in B ya danganta da tarihin rigakafin mutum. Wanda ya karɓi allurai uku, aka kuma taɓa gwadawa aka ga garkuwarsa ta kai ma'aunin 10 ko fiye a gwajin da ake rubutawa anti-HBs, ba ya bukatar komai. Sai dai a Nijeriya a 2004 aka shigar da wannan rigakafi cikin na jarirai, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su da shi sai in sun nema da kansu. Irin wannan mutum ana yi masa allurar farko nan take, zai fi kyau cikin awa 24, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Idan majiyyacin yana da cutar, ko ba a san shi ba, ana ƙara wata allura ta garkuwar aro mai suna HBIG, wadda ke kare jiki kafin rigakafin ya kama. Ita ma cikin awa 24 ake so, kuma bayan kwana bakwai ba a sa ran amfaninta. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba. Rashinta ba dalilin fasa rigakafin ba ne. Daɗewar allura a shara kuma ba ta ba da kwanciyar hankali a nan, don ƙwayar nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har mako guda. Nau'in C ba shi da rigakafi ba shi da maganin kariya, sai sa ido. Allurar da ta fito daga bola kuma tana sa a duba ko rigakafin tetanas na mutum bai tsufa ba.

Gwajin bibiya ya zama dole ne saboda ƙwayar da ta shiga jiki ba ta bayyana a gwaji sai bayan makonni. Ana maimaita gwajin HIV a mako na shida da wata na uku, wasu asibitoci kuma suna ƙara na wata shida, musamman inda gwajin tsinke na gaggawa kaɗai ake da shi. Ga mai sharar nan, hakan na nufin 12 ga Afrilu, da farkon Yuni, da farkon Satumba. Sakamako mai kyau a Afrilu abin farin ciki ne, amma bai rufe magana ba, don shan PEP kansa yana iya jinkirta bayyanar ƙwayar. Nau'in C ana iya gano shi tsakanin mako uku zuwa shida da gwajin da ke neman ƙwayar kanta, in akwai hali. In babu, sai gwajin garkuwa tsakanin wata huɗu zuwa shida. Wanda aka samu ya kamu, akwai magungunan sha na mako 12 da ke warkar da mafi yawan mutane. Nau'in B ana sake gwada shi a wata na shida, sannan wata ɗaya zuwa biyu bayan allurar rigakafi ta uku a duba ko garkuwa ta kama. Wanda gwajin farko ya nuna yana da nau'in B tun asali yana bukatar kulawa ta musamman lokacin da zai gama TLD, domin biyu daga magungunan cikinta suna danne ƙwayar hanta, kuma tsayar da su na iya sa ciwon ya taso.

A tsawon wannan jira mutum yana ci gaba da aikinsa, yana ci yana sha da iyalinsa a kwano ɗaya. Abin da zai kiyaye shi ne ba da gudummawar jini, da haɗa reza ko buroshin haƙori da wani, kuma ya yi amfani da kwaroron roba da matarsa ko mijinta har gwajin ƙarshe ya fito. Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje da kaluluwa tsakanin mako biyu zuwa shida bayan sukar na iya zama alamar sabon kamun HIV, kuma da sauƙi a ɗauke su zazzaɓin cizon sauro a sayi magani a kemis. Idanu su yi ɗorawa kamar na mai shawara, fitsari ya yi duhu, cin abinci ya ragu, wannan hanta yake nunawa, kuma yakan zo daga baya, har cikin wata shida. Kowanne ya bayyana, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati. A koma asibiti a gaya wa likita ranar da allurar ta yi sukar.