Me Ya Sa Injin Wanki Ke Daɗewa Bai Cika Ba?

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, gidan da ke da injin wanki galibi daga tankin sama yake samun ruwa, wanda ake cikawa daga burtsatse. To, ƙarfin ruwan tanki ba daga girmansa yake zuwa ba, daga tsayinsa ne. Kowace mita 10 tana ba da kusan bar 1, ma'aunin matsin ruwa ke nan, kuma yawancin injuna masu ɗibar ruwa da kansu na buƙatar aƙalla bar 0.5.

A ce saman ruwan tankinka ya ɗara bakin injin da mita 3. Abin da ke isa injin bar 0.3 ne kacal, ko da tankin na cin lita 2,000. Bawul ɗin injin ba zai buɗu sosai ba, sai ruwa ya riƙa tsiyaya har injin ya tsaya. LG kan nuna IE, Samsung kuma 4C ko 4E.

Kafin ka kira mai gyara, rufe famfo, kwance tiyon daga bayan injin, saka shi a bokiti, sannan ka buɗe. Idan ruwan ya fito da ƙarfi, rariyar da ke bakin injin ce yashin burtsatse ya toshe. Zaro ta, goge da tsohon buroshin haƙori.

Idan kuwa a sanyaye ya fito, matsi ne ya gaza. Ɗaga tankin ya haura mita 5 daga bakin injin, ko a sa ƙaramin famfon ƙara matsi a bututun da ke zuwa injin. Amma kar a bar famfon yana aiki tanki babu ruwa, ƙonewa zai yi.